Waifai na kamawa yana saki: ba kullum laifin netwok ba ne, wani lokacin rawutar ce ta cika

Duk wanda ke da shagon kwamfuta a Samaru ko Kongo, ko yake kula da waifai na gidan hayar ɗalibai, ya san wannan rigimar. Da safe komai lafiya lau, da an yi azahar sai a fara "Oga waifai ɗinka baya yi", wani yana kan Yutub hankalinsa kwance, na kusa da shi kuma wayarsa ta ƙi shiga sam, mai shago ya duba data da saura, sandunan sigina a cike, sai ya zare wayar wuta ya mayar, abu ya dawo, bayan wasu awanni a koma gidan jiya. Daga nan sai a ce netwok ne, a canza sim, wani ma har ya ƙara kuɗin data ya sayi babban tsari, alhali matsalar bata ko fita daga cikin shagon ba.

Rawuta tana riƙe da lissafi guda biyu a cikinta kuma kowanne yana da iyaka. Na farko jerin adireshin da take rabawa na'urori, shi ne aikin DHCP. Na biyu rajistar da take rubuta duk wata hulɗa da na'urorin cikin gida suka buɗe da waje, wato NAT. Duk wanda ya cika a cikinsu mutane za su ce "yana yankewa", amma fa ciwon ba ɗaya ba ne kuma maganin ɗaya baya yi wa ɗayan komai. Ni a ganina wanda ya iya bambance su ya gama rabin gyaran.

Mu fara da adireshi tunda shi ya fi kama masu shago.

Idan waya ta kama waifai, wato fasawod ya wuce, to bata shiga intanet ba tukuna. Sai ta samu adireshin IP na cikin gida, irin su 192.168.0.105. Wayar zata yi shela a netwok ɗin cewa ina mai raba adireshi, rawuta ta amsa ga wannan, wayar ta ce na karɓa, rawuta ta tabbatar. Saƙo huɗu ne kuma cikin ƙiftawar ido ake gamawa, shi yasa ba ka lura. Abin da mutane da yawa basu sani ba shi ne adireshin aro ne, yana da wa'adi, a shafin saitin rawuta zaka ga an rubuta Lease Time. Sannan ba duk adireshin ake rabawa ba, akwai inda aka fara da inda aka tsaya. Rawutocin gida da yawa suna zuwa da 192.168.0.100 zuwa 192.168.0.199, guda 100 kenan cif. Masu OpenWrt, wata manhajar Linux da ake ɗora wa rawuta, suna farawa daga 100 su ba da guda 150, da wa'adin awa 12.

Mai shago zai ce to ai ni ban taɓa tara mutum 100 a lokaci ɗaya ba, shagon ma ba zai ɗauke su ba. Gaskiya ne, amma rawuta ba mutanen da ke zaune take ƙirgawa ba. Kamar mai ajiyar babura ne a bakin kasuwa da ke da katin lamba guda 100, mutum ya zo ya ɗauki babur ɗinsa ya tafi da katin a aljihu, fili ga shi fayau amma babu katin da za a ba sabon zuwa. Waya idan ta bar wuri yawanci bata sallama, mai ita ya sa ta a aljihu ya tsallaka titi sigina ya ɓace shikenan, rawuta kuma zata ci gaba da ajiye mata adireshin har wa'adin ya ƙare.

Bari mu yi lissafi da shago irin na lokacin rajistar ɗalibai. A ce adireshi 100 ne, wa'adi kuma awa 24, wanda haka wasu rawutocin suke zuwa ko kuma wani ya saita ya manta. Kayan shago, kwamfutoci 12 da firinta da wayoyin yaran shago da na oga da kyamarar tsaro, a ce sun ci 20. Saura 80. Fasawod an rubuta shi da maka a jikin kwali an manna a bango saboda ɗalibai su riƙa turo takardunsu a buga musu, to a ce duk awa sabbin wayoyi 15 suna shiga. An buɗe ƙarfe 8. Awa biyar ta ba ka 75, kafin 1 da rabi an cinye 80 ɗin tas. Daga nan duk wanda ya zo wayarsa zata tsaya a kan `Obtaining IP address...` tana juyawa, ta saki, ta sake kamawa, ta sake saki. Kuma a lokacin watakila mutum 25 ne kawai a cikin shagon.

Washegari fa? Nan ne abin yake rikita mutane. Adireshin da aka ara jiya da safe wa'adinsu yana ƙarewa yau da safe, ɗaya bayan ɗaya, yadda aka rabar da su jiya. Saboda haka da safe sabbin zuwa suna samu, sai a ɗauka an warke, da rana ta take kuma a tsaya cak, don jiya war haka babu wani aro da aka bayar balle ya ƙare yau. Shi yasa zaka ji mai shago yana rantsuwa cewa netwok ɗin unguwarsu da rana ne baya yi. Ba hasumiyar netwok ba ce, agogon aro ne.

Sannan ga dalilin da yasa abin yake kama da zaɓe, wani ya shiga wani ya kasa. Na'urar da take kan netwok bata jira wa'adinta ya ƙare, da ya kai rabi take neman sabuntawa, idan bata samu amsa ba ta sake gwadawa, har idan ya kai kashi 87.5 cikin ɗari ta koma yin shela ga duk mai raba adireshin da zai ji ta. To wanda yake zaune tun safe yana riƙe da nasa babu mai ƙwace masa. Wanda ya fita sallah ya dawo shi ma aronsa na nan da rai, zai shiga lafiya. Wanda ke shan wahala shi ne sabon zuwa, da kuma ɗan gida wanda aronsa ya mutu yana nesa. Kwamfutar da aka kashe ranar Asabar bata tashi ba sai Litinin da rana, ko laftof ɗin oga da ya yi tafiya Kaduna ya kwana biyu, zai dawo ya tarar an ba wani ɗalibi adireshinsa kuma babu saura. Mai rawutar da kansa ya kasa shiga, almajirin da ya samu fasawod a bakin ƙofa yana kallon bidiyo.

Wayoyin yanzu sun ƙara dagula lissafin. Rawuta tana gane na'ura ne da lambar MAC, wato lambar shaidar da take nunawa idan zata shiga netwok, da can kowace waya lamba ɗaya gareta har ta mutu. Daga Android 10 a 2019 da iOS 14 a 2020 sai wayoyi suka koma ƙirƙirar lambar bogi ga kowane sunan waifai don kada a riƙa bin sawun mutum. Abu ne mai kyau ga mai waya. Amma idan rawutarka tana fitar da suna biyu, ɗaya na 2.4GHz ɗaya na 5GHz, waya ɗaya mai tsalle tsakaninsu zata iya cin adireshi biyu, don a idon rawuta baƙi biyu ne. A wasu wayoyin ma idan aka danna Forget aka sake shiga sabuwar lamba ake fitowa da ita, to ka ga yaron shago da ke ce wa kowa "goge ka sake sa fasawod" yana iya ƙara cinye ɗan abin da ya rage ne ba tare da ya sani ba.

Sai batun wuta, wanda a Zariya ba sai na yi dogon bayani ba. Ƙananan rawutoci da yawa a ƙwaƙwalwar wucin gadi suke ajiye jerin aron, OpenWrt misali a `/tmp/dhcp.leases` yake ajiyewa, da an ɗauke wuta jerin ya goge. Wannan shi ne sirrin da yasa kashewa da kunnawa yake "gyarawa", ka share bashin duk waɗanda suka tafi da adireshi ne kawai. Amma yana da nasa sharrin. Tsakanin ɗauke wuta da tada janareta, wayoyi da laftof masu batir basu mutu ba, suna riƙe da tsohon adireshinsu, rawuta kuma ta farfaɗo bata tuna kowa. Sai sabon mutum ya zo ta miƙa masa 192.168.0.104 alhali akwai mai shi. Wasu rawutocin suna ɗan taɓa adireshin da `ping`, wato su aika ɗan saƙo su ji ko akwai mai amsawa, kafin su bayar, amma wayar da ke barci ko kwamfutar da aka hana amsa `ping` ba zata ce uffan ba. Na'ura biyu adireshi ɗaya, amsar da ya kamata ta je wa wannan sai ta je wa wancan, duka biyun su riƙa yi suna tsayawa. Wannan ne yankewar da ta fi kama da aljanu don babu wani tsari da zaka kama. Ƙaramin batirin ajiya na rawuta kaɗai, irin wanda ake sayarwa a shagunan kayan waya, yana kashe wannan ɓangaren matsalar gaba ɗaya.

Yadda zaka tabbatar adireshi ne ya ƙare baya buƙatar wani kayan aiki. Je kan kwamfutar da ta ƙi, ka buɗe `cmd` ka rubuta:

```
ipconfig /release
ipconfig /renew
ipconfig
```

Idan `renew` ya daɗe yana jira sannan ya ce ya kasa samun mai raba adireshi, kuma ka ga adireshi mai farawa da 169.254 babu komai a gaban `Default Gateway`, to Windows ce ta gaji da jira ta laƙaba wa kanta adireshin da baya fita ko'ina. Gwaji na biyu ya ma fi daɗi. A wayar da ta ƙi shiga, ka canza saitin IP daga DHCP zuwa Static, ka sa adireshin da yake wajen jerin rabo, misali 192.168.0.220, `Gateway` ka sa adireshin rawutar kanta, a misalin nan 192.168.0.1, DNS ka sa 8.8.8.8. Idan nan take intanet ya zo, magana ta ƙare, layinka lafiya yake, waifai lafiya yake, rabon adireshi ne ya tsaya. Ka tuna ka mayar da wayar DHCP bayan gwajin, kar mai ita ya tafi da saitin a haka. Sai ka shiga shafin rawuta daga na'urar da ke aiki ka duba `DHCP Client List`, zaka ga sunaye jere har ƙasa, yawancinsu wayoyin mutanen da tuni suna Sabon Gari ko PZ suna harkarsu.

Gyaran kuwa wa'adi ne kafin komai. Lissafin mai sauƙi ne, yawan sabbin masu shiga a awa ɗaya ka ninka da awannin da kowanne zai riƙe adireshi, ka haɗa da kayan gida. A shagon can idan aka mayar da wa'adi awa 2, kuma a ce mutum yana zama kamar awa ɗaya, kowace waya zata riƙe adireshi kusan awa 3 ne a mafi yawa. 15 sau 3, 45 kenan, da 20 na gida 65, ga sauran wuri har 35 a cikin 100 ɗin nan da ake ganin ya yi kaɗan. Mutane suna tsoron gajeren wa'adi wai za a riƙa yanke su duk bayan awa biyu, a'a, wanda ke zaune yana sabuntawa a ɓoye tun a rabin lokaci bai ma sani ba. Gidan haya da mutanensa basa canzawa zai iya barin awa 12 ko 24, shagon da ake shiga ana fita awa ɗaya zuwa biyu ya fi masa.

Bayan haka sai a faɗaɗa jerin. Netwok mai 255.255.255.0 yana da adireshi 254 masu amfani, to babu dalilin zama a kan 100, ka fara daga 192.168.0.30 ka tsaya a 192.168.0.250, ka samu 221, na ƙasa da 30 ka bar wa firinta da kyamara da duk abin da kake sa wa adireshi da hannu. Wannan na ƙarshen ku kula da shi, firintar da aka sa mata 192.168.0.150 da hannu alhali lambar tana cikin jerin rabo, ranar da rabo ya kai kanta ranar za a ce firinta ta lalace. Wanda 254 bai ishe shi ba zai iya komawa 255.255.254.0 ya samu 510, idan rawutar ta yarda, amma ni idan na ga mutum ya kai nan da rawutar gida guda ɗaya sai in ce ya dakata, don eriyarta zata durƙushe tun kafin adireshin ya ƙare. Kuma ƙananan mifai na aljihu su wani abu ne daban, suna da iyakar na'urorin da zasu kama kwata-kwata, da yawa guda 10 ne, na 11 ko fasawod ba zai wuce ba balle a kai ga maganar adireshi.

To yanzu na biyun, wanda ya fi wuyar kamawa.

Adireshin 192.168 ɗin nan na cikin gida ne, baya yawo a intanet. Adireshin IPv4 duka duniya kusan biliyan 4.3 ne, tun a shekarun 1990 aka hango ba zasu isa ba, shi ne a 1994 aka fito da dabarar NAT, gida guda ko shago guda su fita da adireshi ɗaya. Yadda rawuta take yi shi ne, duk lokacin da wayarka ta buɗe hulɗa da wata saba, wato kwamfutar da ke riƙe da shafi ko manhaja a intanet, sai rawutar ta cire adireshinka na ciki ta sa nata na waje, sannan ta rubuta layi ɗaya a rajista, wane ne ya buɗe, da wace lambar fot, wato lambar ƙofar da hulɗar ta bi, ina ya nufa, da wace lamba aka fita. Idan amsa ta dawo sai ta duba layin ta san wa zata miƙa wa. Babu layi, babu amsa.

Abin lura a nan, layin ba na na'ura ba ne, na hulɗa ne. Shafin labarai guda ɗaya mai talla da hotuna da bidiyo yana iya buɗe hulɗa gomomi da sabobi daban-daban. Kowace tambayar DNS, wato neman adireshin wani suna, ita ma tana cin layi na ɗan lokaci. Wayar da ke kwance a aljihu tana da nata a buɗe, na WhatsApp, na imel, na sabunta manhajoji. Sannan ga sarkin cin layi, torent, wato manhajar sauke fina-finai da manyan fayil, da yake magana da ɗaruruwan kwamfutoci lokaci guda kuma yana ta ƙwanƙwasa wa wasu da basa ma amsawa, kowace ƙwanƙwasa layi ce. Kwamfutar da ta kwashi bairos tana laluben intanet a ɓoye ita ma haka, wani lokacin ta fi torent ɗin ɓarna.

Girman rajistar ya danganta da ƙwaƙwalwar rawuta da abin da masu ƙera ta suka saita. A da OpenWrt ya daɗe yana zuwa da 16384, ƙananan rawutoci masu arha wasu 'yan dubbai kaɗan ne nasu. A ce gidan haya ne na ɗalibai a bayan Samaru, rawutarsu tana ɗaukar layi 4096. Da dare na'ura 40 suna kai, kowacce a ce layi 60, 2400 kenan, ana zaune lafiya. Sai ɗan ɗaki ɗaya ya kunna torent ya jera fina-finai ya kwanta, shi kaɗai ya ci 2000. An wuce iyaka. Jerin DHCP ɗinsu ko rabi bai kai ba, kowa yana da adireshinsa, waya tana nuna ta kama waifai, amma sabuwar hulɗa bata samun wurin rubutawa sai rawuta ta jefar da ita.

Alamar wannan daban take, kuma idan ka taɓa ganinta sau ɗaya ba zaka sake ruɗewa ba. Abin da ya riga ya buɗe yana ci gaba, wanda ke kiran bidiyo baya yankewa, fayil ɗin da ake saukewa yana tafiya da gudunsa, amma ka buɗe sabon shafi ya ƙi, ka sake lodawa sau biyu ko uku ya buɗe rabi babu hotuna, don a daidai wannan daƙiƙar wani layi ya mutu ka samu gurbi, na gaba kuma baka samu ba. Burauza zata riƙa kukan DNS, waya ta rubuta `Connected, no internet` ta gudu ta koma datar sim. Wani lokacin har shafin saitin rawutar da kansa yana nauyin buɗewa. Bambancinsa da cunkoson layin intanet na yau da kullum shi ne, idan gudun layin ne bai isa ba kowa da komai yana rage gudu tare, har abin da ake saukewa, a nan kuwa tsoho yana gudu sabo baya shiga. Kuma gwajin Static da na faɗa a sama ba zai taimaka da komai ba, wanda shi kansa wannan amsa ce.

Wanda rawutarsa take kan OpenWrt ko wani Linux da zai iya shiga ta `ssh`, ga abin dubawa a lokacin da ake cikin matsalar, ba bayan an kashe an kunna ba:

```
cat /proc/sys/net/netfilter/nf_conntrack_count
cat /proc/sys/net/netfilter/nf_conntrack_max
dmesg | grep conntrack
```

Idan lamba ta farko ta manne da ta biyu, ko ka ga `nf_conntrack: table full, dropping packet`, ka kama shi. Don gano wanda ke cin layin kuma:

```
grep -o 'src=192.168.[0-9.]*' /proc/net/nf_conntrack | sort | uniq -c | sort -rn | head
```

Zai jero maka adireshi da yawan layin kowanne, babba a sama. Adireshin rawutar kanta zai iya fitowa da yawa saboda tambayoyin DNS, tsallake shi. Yawanci zaka ga kowa yana da gomomi, mutum ɗaya yana da dubbai. Masu MikroTik zasu ga irin wannan a ƙarƙashin IP, Firewall, Connections. Rawutar da kamfanin layi ya ba ka kuwa sau da yawa bata nuna ko ɗaya, to sai gwajin gargajiya, a riƙa cire laftof ɗaya bayan ɗaya ana ɗan jira, don layukan basa mutuwa nan take.

Wannan jiran shi ma yana da bayani. Hulɗar da aka rufe ta da kyau layinta yana gogewa ba da daɗewa ba, na UDP, irin na tambayar DNS, shi ma daƙiƙu ne zuwa 'yan mintuna. Amma hulɗar TCP, irin ta shafi ko sauke fayil, da ke buɗe sai mai ita ya ɓace babu sallama, batir ya mutu ko ya fita daga gida, rawuta bata da hanyar sanin ya tafi, sai ta jira. Linux yadda yake zuwa yana jiran daƙiƙa 432000, kwana 5 cur. OpenWrt ya rage zuwa 7440, awa 2 da minti 4. Rawutar da aka bar ta a kan kwana 5 a wurin da ake yawan shiga da fita zata riƙa tara matattun layuka a hankali, shi yasa wata sai ta yi kwanaki lafiya sannan ta fara shaƙewa, kuma abin dariya a unguwar da ake yawan ɗauke wuta ba kasafai ake ganin wannan ba don rajistar bata samun damar cika, sai mutum ya sa sola ko inbata sannan ciwon ya bayyana, ya ce tunda na sa sola netwok ya lalace.

Gyara a nan hawa uku ne kuma ni na fi son a fara da mutum kafin na'ura. A samu mai torent ɗin a ce ɗan uwa shiga saitin manhajarka ka rage yawan hulɗa, a qBittorrent sunansa `Global maximum number of connections`, ya mayar da shi 100 ko ƙasa, fim ɗinsa zai sauka dai. Idan kuma babu torent a kwamfutar amma tana buɗe dubbai, to a cire ta daga netwok a wanke ta. Bayan haka sai a rage lokacin jiran matattun layuka zuwa wajen awa 2, kar a zaƙe a mayar minti biyar, don manhajojin da ke riƙe hulɗa shiru suna jiran saƙo zasu riƙa rasa layinsu, sai saƙonni su riƙa makara har sai an buɗe waya. Na uku a ƙara girman rajistar idan ƙwaƙwalwa ta isa. Kowane layi yana cin wajen bayit 300, wato 16384 kusan megabayit 5 ne, rawuta mai megabayit 128 zata ɗauki ninkin haka babu damuwa, amma mai 32 idan ka matsa mata zata fara mutuwa tana tashi da kanta, ka gudu daga yankewar wasu ka faɗa yankewar kowa. Rawutar da take da zaɓin iyakance yawan hulɗa ga kowace na'ura ita ce ta fi dacewa da gidan haya, a ba kowa 'yan ɗaruruwa, mai torent ya shaƙe kansa shi kaɗai.

Akwai kuma inda hannunka baya kaiwa. Mafi yawanmu a nan da sim muke shiga, kuma kamfanonin layin waya galibi suma NAT suke yi a nasu ɓangaren, su haɗa kwastomomi da yawa a bayan adireshi ɗaya na waje. Duba adireshin WAN, wato adireshin rawuta na waje, a shafin rawutarka, idan ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, to akwai wata rajistar a sama da taka. Lambobin fot 65535 ne kacal, kuma raba su ake yi tsakanin masu amfani da adireshin, saboda haka kamfani yana iya sa wa kowane sim iyakar hulɗar da zai buɗe. Sim guda da aka yi wa lissafin gida ɗaya sai ga shi yana ɗauke da ɗakuna talatin. Idan ka duba taka rajistar ka ga da sauran wuri sosai, adireshi ma akwai, amma alamar tana nan, tsoho yana gudu sabo baya shiga, kuma da ka cire rabin na'urorin sai ta lafa, to da alama can sama ne ake tsayar da kai. Nan ƙara lamba a saiti ba zai yi komai ba, sai dai rage masu cin layin, ko a raba gidan gida biyu kowane ɓangare da nasa sim da rawuta, ko a nemi layin da kamfani ya tsara don kasuwanci a tambaye su tun kafin a biya ko suna ba da adireshi na waje naka kai kaɗai.